Kafin Ka Ce “Kai Masa Motarka”: Yadda Ake Ba da Shaida a Kan Bakanike

A ƙasar Hausa ba allon talla ke kawo wa bakanike kasuwa ba, bakin mutane ne. A majalisa bayan sallar isha'i, a tashar mota, a ofis, har a gidan suna, za ka ji wani ya ce, “Don Allah wa ke gyara maka mota? Tawa ta addabe ni.” Amsar da za a ba shi ita ce za ta yanke inda kuɗinsa zai tafi gobe da safe, kuma wani lokaci ita za ta yanke ko iyalinsa za su isa Zariya lafiya ko za su kwana a bakin titi. Amma in ka saurari irin amsar da muke bayarwa, kusan kullum ɗaya ce cikin biyu: ko dai “ai mutumin kirki ne, ga fara'a,” ko kuma “kada ka kuskura, ɓarawo ne.” Duka biyun ba su gaya wa mai tambaya komai ba. Fara'a ba ta ɗaure noti, kuma sau da yawa wanda aka kira ɓarawo laifinsa kawai shi ne kuɗin gyara ya fi abin da mai mota ya ƙiyasta a ransa.

Shaidar da za ta amfani mai tambaya, ba ta kuma zalunci mai sana'a ba, ana gina ta ne a kan kwatanta abin da aka yi alkawari da abin da ya auku. Nawa ya ce, nawa ka biya? Yaushe ya ce, yaushe ka karɓa? Da ka dawo masa da ƙorafi, me ya yi? Don a ga yadda ake wannan awo, bari mu bi gyara guda ɗaya tun daga farkonsa, gyaran da duk mai tsohuwar mota ke tsoro, wato ƙonewar gaskit.

A ce mutum yana da Toyota Corolla ƙirar 2005, irin wadda ta cika titunanmu. Cikin zafin watan Afrilu allurar zafi ta fara hawa in ya shiga cunkoso, kullum da safe sai ya ƙara ruwa a lagireto, sannan wata rana ya buɗe murfin da ake zuba baƙin mai ya ga wani abu kamar shayi mai madara ya manne a jikinsa. Salansa kuma tana fitar da farin hayaƙi ko bayan inji ya ɗumama. Waɗannan alamu ne na cewa gaskit ɗin da ke tsakanin kan inji, wanda makanikai ke kira tof silinda, da gangar jikin injin ya ƙone, ruwa ya fara haɗuwa da mai ko yana shiga inda wuta ke tashi.

Tun daga nan ake fara tattara shaida, kafin a taɓa sifana. Bakaniken da ya san aikinsa ba zai ji labari kawai ya yanke hukunci ba. Zai bari inji ya huce, ya buɗe murfin lagireto, ya tayar da motar ya ga ko ruwan na fitar da kumfa ba ƙaƙƙautawa. Zai zaro sandar duba mai, ya kwance fulogai ya ga ko akwai wanda ya yi tas kamar an wanke shi, domin tururin ruwa yana wanke fulogin silindar da yake shiga. Mafi muhimmanci, zai tambayi kansa abin da ya sa motar ta fara ɗaukar zafi tun farko. Gaskit ba kasafai yake ƙonewa haka kawai ba. Galibi akwai wani mai laifin a ɓoye: lagireto da ya toshe, fanka da ba ta tashi, famfon ruwa da ya gaji, ko tiyo mai yoyo. Wanda ya canza gaskit ya bar wannan mai laifin, ya sayar maka da gyaran wata biyu ne.

Sai batun kuɗi. Ga irin kalaman da ake ji a gareji:

“Oga, nawa zai ci?”

“Alhaji, kawo dubu ɗari da ashirin mu gani.”

Wannan “mu gani” ita ce uwar rigima. Jimillar da aka faɗa a dunƙule ba ƙiyasi ba ce, domin ba ka da hanyar gane ko an cika ta ko an saɓa. Ƙiyasin gaskiya yana zuwa a rarrabe, kuɗin kaya daban, kuɗin aiki daban. Mu sa alƙaluman misali don lissafin ya fito fili, tunda farashi yana canzawa daga wata zuwa wata: gaskit naira 25,000, kai tof silinda wajen masu injin fere ƙarfe su daidaita fuskarsa 15,000, baƙin mai da filta 30,000, ruwan sanyaya inji 10,000, kuɗin aiki 40,000. Jimilla 120,000 ke nan, daidai da abin da aka faɗa da baki, amma yanzu kowace naira tana da suna. Ko a bayan kwalin fulogi aka rubuta wannan, ko a saƙon waya, ya wadatar.

Akwai tambaya guda da dole ta biyo baya a kan kowane kaya: wane iri ne? A kasuwannin kayan mota, ko Ƙofar Ruwa ce a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, kaya iri uku ake samu ƙarƙashin suna ɗaya. Akwai sabo na asali, akwai sabo na kwaikwayo mai araha, akwai kuma Beljiyam, wanda aka ciro daga motocin da suka yi aiki a ƙasashen waje. Kowanne yana da muhallinsa, kuma ba laifi ba ne bakanike ya sa maka mai araha in kai ka zaɓa da saninka. Laifin shi ne a karɓi kuɗin na asali a sa na kwaikwayo. Gaskit dai sabo ake sawa, ba a maimaita tsoho, domin da zarar an matse shi sau ɗaya ya riga ya ɗauki siffar inda ya zauna.

To, ga ranar karɓar mota ta zo, lissafi ya tashi daga 120,000 zuwa 165,000. An ƙara famfon ruwa na 35,000 da tamostat na 10,000. Ƙarin ya haura kashi ɗaya bisa uku na abin da aka yi magana. A nan ne mafi yawanmu muke yanke hukunci cikin fushi, kuma a nan ne ya kamata a fi natsuwa.

Ƙarin kuɗi shi kaɗai ba hujjar ha'inci ba ne. Babu bakaniken da ke ganin cikin inji kafin ya buɗe shi. Mai yiwuwa da ya kwance ya tarar famfon ruwa yana rawa a kan ƙarfensa, ga busasshen sawun yoyo a ƙarƙashinsa, ya kuma tarar wani bakanike na baya ya cire tamostat ya jefar, al'adar da ta yi katutu a garejinmu bisa zaton wai ƙasa mai zafi ba ta buƙatarsa. Alhali aikin tamostat shi ne ya tsare ruwa har inji ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, sannan ya buɗe, wanda a wannan motar yake faruwa a wajen digiri 82. Injin da aka raba da shi yana daɗewa bai ɗumama ba, yana ƙara shan fetur, yana kuma saurin cinyewa. Bakaniken da ya mayar da shi ya yi maka alheri, wanda kuma ya gano famfon ruwa ya kama ainihin mai laifin.

Abin aunawa a nan shi ne lokacin da ka ji labarin ƙarin. In ya kira ka tun inji na buɗe ya ce, “Alhaji, zo ka gani da idonka, famfon nan ya mutu, in na rufe haka aikin banza za mu yi,” kuma da ka zo karɓar mota ya miƙo maka tsohon famfon da kwalin sabon da rasit ɗin shago, wannan mai gaskiya ne ko da lissafinsa ya ninka. In kuwa sai da ka zo da kuɗinka cif-cif a aljihu sannan aka ce maka akwai ciko, ka nemi tsohon kayan aka ce yara sun zubar, to ko da famfon ya lalace da gaske, ya kashe maka kuɗi ba da izininka ba, kuma hakkin mai tambaya ne ya san haka. Ni a ganina wannan kiran waya guda ɗaya ya fi komai bayyana halin mai gareji.

Ana yawan ƙorafi a kan ɗan abin da bakanike ke samu daga mai shagon kaya in ya kawo ciniki. Sanannen abu ne a kasuwa. Mutumin da ya bar garejinsa, ya hau babur ya ratsa gari, ya duba kaya uku kafin ya zaɓi ɗaya, ya yi wahalar da ta cancanci lada. Inda abin ke ɓaci shi ne in aka cika rasit da farashin ƙarya. Wani ɓangare na laifin ma namu ne masu mota: muna murƙushe kuɗin aiki har ya koma abin da ba zai ciyar da oga da yaransa ba, sannan mu yi mamakin ya nemi cikon a kan kaya. Wanda ya faɗi kuɗin aikinsa da tsada a fili, ya bar kaya a farashinsu, ya fi wanda ya ce “ba da abin da ya sauƙaƙa” ya rama a ɓoye.

Batun lokaci ya fi sauƙin aunawa, amma shi ma yana son adalci. A misalinmu an ce kwana 3, mota ta fito a kwana na 8. Kafin ka ce wa jama'a “ba ya cika alkawari,” raba kwanaki 5 ɗin nan ka ga na wane ne. A ce biyu sun tafi ne saboda kai ba ka turo kuɗin famfo da wuri ba. Waɗannan naka ne. Ɗaya ya tafi a wajen masu fere ƙarfe saboda babu wuta. Wannan ba na kowa ba ne. Sauran biyun kuwa ka leƙa ka tarar da motarka bonet a buɗe, ƙura na sauka cikin inji, oga ya tafi aikin waje ko ya karɓi wata motar mai kuɗin hannu. Waɗannan biyun su ne nasa, su za ka ambata. Ka kuma lura da yadda jinkirin ya zo maka: shi ya kira ya sanar da kai, ko kai ka yi ta kira ana cewa “gobe in sha Allahu” har wayar ta daina shiga? Ga mai tasi ko direban haya, wanda kowace rana a gareji balas ne ya tsere masa, wannan bayanin ya fi masa farashi muhimmanci.

Sai dai kada a ɗauka sauri shi ne ƙwarewa. Wanda ya ce zai canza maka gaskit tsakanin azahar da la'asar abin tsoro ne. Tof silindar wannan motar na alminiyam ne, zafi yana lanƙwasa shi, kuma lanƙwasar da kamfani ya yarda da ita ba ta wuce milimita 0.05 ba, abin da ido ba ya gani, sai an ɗora miƙaƙƙen ƙarfe an auna. Kusoshi goman da ke riƙe shi kuma ana ɗaure su ne bi da bi, daga tsakiya zuwa gefe, da sifana mai awo, ba da ƙarfin damtse da dogon bututu ba. Tambayi bakanikenka ko an auna kan injin, ka kuma nemi ganin sifanar. Amsar da zai ba ka tana cikin shaidar.

Yanzu mu zo kan garanti, wanda shi ne dalilin da ya sa bai kamata a ba da shaida ranar da aka karɓi mota ba. A ranar kowace mota lafiyayya ce: an wanke inji, an share sitiyari, kowa na murmushi. Gyaran gaskit ba ya nuna gaskiyarsa sai an yi mako biyu zuwa wata guda ana hawa, an shiga cunkoson rana da na'urar sanyaya ɗaki a kunne, an kuma yi doguwar tafiya ko sau ɗaya. A wannan tsakanin, kowace safiya kafin ka tayar da mota, duba ruwa ka ga ko yana nan inda ka bar shi, duba launin mai, duba ƙasa inda motar ta kwana. Kada ka buɗe murfin lagireto inji na da zafi. Ruwan yana cikin matsi, yana iya tsartuwa ya sale maka fuska da hannu.

Garanti a yawancin garejinmu da baki ake bayarwa: “In ta yi wani abu dawo da ita.” Magana ce mai daɗi, amma ba ta da iyaka, don haka kowa yana fassara ta yadda ta yi masa. Kafin ka bar gareji, tambayi abu biyu: har zuwa yaushe, kuma a kan me? Domin matsalar da za ta dawo iri uku ce, kowace da mai ɗaukar nauyinta. In aikin hannu ne ya gaza, kamar a ce ba a ɗaure kusoshi daidai ba gaskit ya sake ƙonewa cikin sati uku, nauyin na bakanike ne, kuma adalci shi ne ya sake aikin ba tare da sabon kuɗin aiki ba. In kayan ne ya gaza, sai a duba wa ya sayo shi. In shi ya zaɓo, shi zai koma ya yi fama da mai shago. In kai ka kawo abinka, ko ya gargaɗe ka a kan mai araha ka nace, to ba ka da bakin ƙorafi. Kayan Beljiyam kuwa garantinsu gajere ne, sau da yawa na gwaji ne kawai, shi ya sa ya kamata a ji wa'adin daga bakin mai shago kafin a biya. Na uku shi ne sabuwar matsala da ba ta da alaƙa da aikin. Wanda ya gyara maka gaskit ba shi da alhakin batir da ya mutu ko birki da ya fara ƙara, duk da cewa mun saba cewa “tun da ya taɓa motar nan ba ta sake lafiya ba.”

A misalinmu, a ce bayan kwana 10 ruwa ya fara raguwa. Mai mota ya koma ransa a ɓace. Oga ya ajiye abin da yake yi, ya duba, ya gano zoben da ke matse tiyon sama ne yaronsa bai ɗaure sosai ba, ya ɗaure, ya cika ruwa, ya ce, “Yi haƙuri Alhaji, laifinmu ne,” bai karɓi ko sisi ba. Wannan komawar ba tabo ba ce a shaidarsa, ita ce ma mafi kyawun abin da za ka faɗa a kansa. Kowane mai aikin hannu yana kuskure. Wanda ya kamata a guje wa shi ne wanda in ya hango motarka ta dawo sai ya haɗe rai, ya ce ai wannan wata matsala ce daban tun bai buɗe bonet ba.

Wannan nauyi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A fiƙihun Malikiyya, wanda shi aka fi bi a ƙasar Hausa, mai sana'ar da ya karɓi kayan mutane ya yi aiki a kansu a wurinsa yana lamunce abin da ya salwanta ko ya lalace a hannunsa, sai in ya kawo hujjar cewa ba sakacinsa ba ne. Dokar ƙasa ma ta zo da makamancin haka. A Najeriya, dokar gasa da kare hakkin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba wanda aka yi wa aiki hakkin a kammala masa a kan lokaci, a sanar da shi in za a yi jinkiri, a kuma yi aikin da ingancin da ya dace. Kafin a kai ga hukuma ko kotu, yawancin manyan garejoji suna da shugaba, makanikai kuma suna da ƙungiyarsu ta NATA, kuma sulhu a gabansu ya fi sauri da araha. Amma ko'ina ka je, abin da za a fara tambayarka shi ne me kuka yi da shi tun farko. Mai rubutaccen ƙiyasi da tsohon kaya a but ɗinsa yana da abin nunawa. Maras su sai dai rantsuwa ta ci karo da rantsuwa.

Wasu mutanen kirki suna jin nauyin faɗin aibin bakanike don gudun giba, sai su yi shiru ɗan'uwansu ya faɗa ramin da suka fito. Malamai sun yi bayanin cewa faɗin gaskiya ga wanda ya nemi shawararka a kan mu'amala da wani nasiha ce, matuƙar ka tsaya a kan abin da ka sani da gwargwadon buƙata. Sharaɗin nan na ƙarshe shi ne ake yawan tsallakewa. Faɗi abin da ya faru da motarka, ba abin da ka ji an ce ya faru da ta wani ba. Kada ka ce ya sace maka kaya sai in ka tabbatar, domin wannan kalma tana iya rufe garejin da ke ciyar da gidaje da yawa. Kuma ka ba shi damar gyara kuskurensa kafin ka kai sunansa majalisa. Haka nan ka ambaci irin aikin da ya yi maka, saboda gwanin inji ba lallai ne ya zama gwanin giya mai sarrafa kanta ko na wayoyin wuta ba, kuma wanda ya saba da Toyota yana iya kwafsawa a kan Peugeot.

In aka haɗa duka, ga yadda shaidar mai Corollar nan za ta kasance in an tambaye shi:

“Gaskit ya canza mini. Ya ce 120,000, na biya 165,000, amma ya kira ni na ga famfon ruwan da idona kafin ya saya, ya kuma ba ni tsofaffin kayan da rasit. Ya ce kwana 3, ta yi 8. Biyu laifina ne, ɗaya na rashin wuta, biyu nasa, kuma sai da na riƙa kiransa. Bayan kwana 10 ta yi yoyo a tiyo, ya gyara kyauta ba gardama. Yau wata biyu ke nan, na je Kaduna na dawo allura ba ta motsa ba. In aikin inji ne kai masa, amma in kana gaggawa ka tsaya a kansa.”

Faɗin wannan ba ya cin minti ɗaya, kuma wanda ya ji shi ya san abin da zai tarar. Don haka in ka kai motarka gyara a wannan makon, ka nemi a rarrabe maka lissafi a rubuce, ka ce a kira ka kafin a ƙara ko naira ɗaya, ka karɓi tsofaffin kayanka, ka ji wa'adin garanti da kunnenka. In wani ya tambaye ka labarin bakaniken kafin wata ya cika, ka ce masa ya dakata tukuna.